Adashin Yaya mai hannu 20 da ya watse a wata na 13, da lissafin da muka yi bayan nan

Ranar da abun ya fashe Yaya ta kira ni wajen ƙarfe goma na dare, muryarta duk ta dishe, tace "Auta ka zo da safe ka duba min lissafin nan, wallahi kaina ya kulle, wasu na cewa ana bina bashi wasu na cewa ni ce nake bin bashi." Da na je na same ta zaune a shagon ɗinkinta ko keke bata taka ba, ga wani ɗan littafi mai shafi 40 a cinyarta duk gefensa ya naɗe, shi ne kaɗai shaidar kuɗin da ta zuba na shekara guda cur. Na nemi izininta kafin in rubuta wannan, ta yarda amma tace kar in ambaci sunan kowa. Alƙaluman dai su ne ainihin abun dubawa.

Yaya tela ce kuma ba baƙuwar adashi bace. Da adashi ta tashi shagon ma. Na farkon su goma ne, kowa na zuba 20,000 a wata, kwasa 200,000, kuma duk goman sun san juna sun san gidan juna, in wata ta makara ba sai an kira ta ba, kunya kaɗai ta isa ta kawo kuɗin kafin magariba. Sun yi zagaye uku ba a taɓa samun ko cas ba. A na farko ta kwashi ta uku ta sayi keke na biyu, keken ya fara kawo kuɗi tun kafin ta gama biyan zubin da ya rage, toh ka ga nan adashi yayi aikinsa, domin da ita kaɗai take tarawa sai tayi wata goma kafin ta haɗa kuɗin, amma a wata uku ta samu. Wannan dabarar ba tamu bace mu kaɗai, Yarabawa na ce mata esusu, a Ghana susu, ƙasashe masu Faransanci tontin, a Habasha ekub, a Indonesiya arisan, Indiya ma har doka tayi wa nata tun 1982. Ko'ina kuma ginshiƙin ɗaya ne, mutanen da ba za su iya haɗa ido da juna ba in sun ci amana.

Sai aka zo da babba. Wata Hajiya da ake ganin girmanta a harkar, ta daɗe tana uwar adashi, ta buɗe mai hannu 20, zubi 50,000 duk wata, kwasa miliyan ɗaya, wata 20 kenan kafin ya zagaye. Yaya ta ɗauki hannu biyu, aka bata lamba 5 da lamba 17, tana zuba 100,000 a wata. A tunaninta ta yi wayo, ɗaya kusa don jari, ɗaya nesa don ajiya. Na tambaye ta cikin masu hannu 20 ɗin mutum nawa ta sani ido da ido, ta ƙirga da yatsa ta tsaya a shida. Sauran sunaye ne a gurup ɗin WhatsApp, wasu ma ba su taɓa cewa uffan ba. Kowa Hajiya yake tura wa kuɗi, Hajiya ke tura wa mai kwasa, ba wanda ya taɓa ganin alat ɗin wani.

Abun da na fara yi mata bayani a kai shi ne adashi ba ajiya bace zalla kamar yadda muke faɗa. Wanda ya kwasa da wuri bashi ya ci, wanda ke jiran ƙarshe shi ya bada bashin, ba jingina ba takarda ba ko sisin riba. Mai lamba 17 kafin ranar kwasarsa ya riga ya zuba sau 16, 800,000 kenan a hannun mutane. In wani baƙo ya tare ki a hanya yace Yaya ara min 800,000 zan dawo miki da su bayan shekara da rabi, za ki bashi? Tace Allah ya kiyaye. Nace to kin bayar, sunan ne kawai ya bambanta. A ƙaramin adashinsu na da, ko kece ta ƙarshe abun da zaki taɓa samu a waje bai wuce 180,000 ba, kuma a hannun mutum tara da kika san ƙofar gidansu. Akwai kuma tsadar kaya da ba a sa ta a lissafi, in misali kaya na tashi da kashi 20 cikin ɗari a shekara, 50,000 ɗin da kika zuba watan farko in ta dawo miki bayan wata 17 abun da zata saya bai wuce na 39,000 ba. Mai kwasar farko shi ke cin wannan bambancin, shi yasa adashi mai tsawo yake cutar na baya ko da kowa ya riƙe amana.

Alamu sun nuna tun wata na 9, sai dai ba wanda ya so ya gani. Kwasar da ake bayarwa ranar 5 ga wata ta koma ranar 12, ta koma ana bada 700,000 a ce cikon na nan tafe jibi, netwok ne. A wata na 11 wata mai lamba can baya ta nemi a turo jerin waɗanda suka biya da shaidar tiransifa a gurup, Hajiya ta yi fushi tace shekara nawa tana wannan harka ba a taɓa tuhumarta ba, sai mutane suka taru suka ba Hajiya haƙuri, har da Yaya. Wata na 12 aka lallaɓa aka cika da ƙyar. A na 13 hannu huɗu suka ƙi shigowa gaba ɗaya, da aka matsa sai ta bayyana cewa lamba 1, 2, 4 da 7 duk na Hajiya ne, ɗaya da sunanta uku da sunan 'yan uwanta da basu ma san an sa su ba. Ta kwashi miliyan huɗu cikin wata bakwai na farko, tana biyan 200,000 duk wata daga kwasar wani adashin daban da take riƙe da shi, wancan ya tsaya, wannan ma ya tsaya. Ban ce ta shiga da niyyar cuta ba, ni dai abun da na gani shi ne rami ake tonawa ana cike wani ramin. Da labari ya bazu wasu mutum biyu da suka riga suka kwasa suka kashe waya. Waɗanda basu kwasa ba suka ce ko kwabo ba za su ƙara ba, wanda ya riga ya tura na watan aka mayar masa, adashi ya tsaya cak a zubi 12.

Ga lissafin da na yi mata a bayan littafin nata. Hannu 12 sun kwasa, kowanne ya karɓi 1,000,000 ya zuba 600,000, saura 400,000 a kansa, jimla 4,800,000. Hannu 8 basu kwasa ba, kowanne ya zuba 600,000, jimla 4,800,000. Ka ga kuɗin basu ɓace ba, suna aljihun waɗanda suka kwasa, duk adashin da ya watse haka lissafinsa yake fitowa daidai wa daida. Matsalar ita ce a cikin hannu 12 ɗin, huɗu na Hajiya ne, 1,600,000 kenan da bata da su, biyu na waɗanda suka gudu, 800,000. Saura hannu shida da za a iya samu, biyar na wasu mutane masu tsoron Allah, ɗaya na Yaya, 2,400,000. Rabi cif. Kowane hannun da bai kwasa ba zai samu 300,000 cikin 600,000 ɗinsa.

A nan rigimar Yaya ta taso, kuma ita ce ta hana ta barci. Ita a ganinta ta zuba 1,200,000 ta karɓi 1,000,000, ita ke bin 200,000, ta yafe, a ƙyale ta. Sauran kuma suka ce a'a Maman yara, hannunki na 5 daban na 17 daban, ki biya 400,000 na wancan kamar kowa sannan ki karɓi 300,000 na wannan kamar kowa. In aka bi nata, mutum bakwai za su raba miliyan biyu, kowa ya tashi da wajen 285,700, ita asararta ta tsaya a 200,000. In aka bi nasu asararta 300,000 daidai da ta kowa, sai ta ƙara fidda 100,000 daga aljihu. Ta kalle ni tana jiran in goya mata baya, nace Yaya kiyi haƙuri suna da gaskiya, hannunki na 17 bai fi na kowa ba, don kin yi sa'ar riƙe kuɗin jama'a a ɗaya hannun ba zai sa ki fara biyan kanki ba. Ranar bata min sallama mai daɗi ba. Amma bayan kwana biyu ta yarda. Tsarin da aka yi kuwa ya burge ni, hannu shidan nan suka ci gaba da zuba 50,000 na wata 8 da suka rage, 300,000 duk wata, wani yace a dinga ba mutum ɗaya duk wata kamar da, aka ce ina, an daina, ba wanda zai sake zama na ƙarshe, a raba takwas kowa ya ɗau 37,500 a wata. Kuma kowa ya tura kai tsaye a sa shaida a gurup.

Da adashin kaɗai ne da da sauƙi. Yaya tana cikin wata ƙungiyar gama kai ta masu sana'a, wadda suke kira kofaretif, tana ajiye 25,000 duk wata. Ita wannan ƙungiyar ta gaskiya ce, tana da rajista, tana da kundin dokoki, ana taron shekara, kowa na da ɗan littafin ajiyarsa da ake buga wa hatimi. Dokarsu in ka yi wata shida kana ajiya za su saya maka kayan sana'a har ninki biyu na abun da ka tara, su ɗora ribar kashi 10 cikin ɗari, ka biya a wata goma, ka kawo mutum biyu 'yan ƙungiya su tsaya maka. A wata na 9 na adashin, lokacin ajiyarta ta kai 300,000, ta karɓi kayan aiki na 600,000, riba 60,000, biya 66,000 duk wata.

Tace min ai kashi 10 ne kawai Auta, banza ne. Nace bari mu gani. Ribar an lissafa ta ne a kan 600,000 gaba ɗaya kamar zaki riƙe su har ƙarshe, alhali duk wata kina rage 60,000 daga uwar kuɗin, wata na farko 600,000 ne a kanki, na biyu 540,000, haka har ya sauko 60,000, in aka daidaita abun da kika riƙe a tsawon lokacin 330,000 ne. 60,000 a kan 330,000 ya kai kashi 18, a wata goma, in aka miƙa shi shekara kusan kashi 22. Sannan rabin kuɗin ma naki ne da ke kulle a wurinsu. Ba wai ina kushe su bane, ƙungiyar gama kai tana da abun da adashi bai da shi kuma banki bai da shi, ribar nan da kika biya wani kaso yana dawo miki a rabon ƙarshen shekara tunda ku ne masu ƙungiyar, kuma mai ajiyar miliyan da mai ajiyar dubu goma ƙuri'a ɗaya ɗaya suke da ita. Tun masaƙan Rochdale na Ingila da abokansu, su 28, da suka kafa tasu a 1844 ake tafiya a kan waɗannan ƙa'idoji biyun, kuma ƙungiyoyin lamuni na ƙauye da wani mai suna Raiffeisen ya fara a Jamus a shekarun 1860 a kan tsaya wa juna aka gina su. Abun da nake so ta gane kawai shi ne kashi 10 na takarda ba kashi 10 bane a aljihu, ko an kira shi ruwa ko an kira shi ribar kaya lissafin ɗaya ne, kuma kayan da zaki karɓa dole su kawo fiye da haka.

Sai na haɗa mata nauyin wata. Adashi 100,000, biyan kaya 66,000, ajiyar dole 25,000, ya kama 191,000. Na tambaye ta shago na kawo nawa, tace lokacin bukukuwa tana iya ganin 450,000, watan da kasuwa ta mutu kuma da ƙyar 180,000. Wato a mataccen wata kafin a ɗora tukunya an riga an ci ta da 11,000. Ita ta auna zubin ne da watan da kasuwa ke ci, yawancinmu haka muke yi, adashi kuwa bai san an yi ciniki ko ba a yi ba, ranar zubi ranar zubi ce. Abun dariya, watsewar adashin ma sauƙi ya kawo mata ta wannan ɓangaren, tunda yanzu 50,000 take fitarwa 37,500 na dawowa, nauyin watan ya sauko 103,500.

Inda ta ji jiki shi ne ta riga ta ci miliyan ɗin lamba 17 tun kafin ta gan shi. Ta karɓi yadi bashi na 400,000 wurin dila da alkawarin in ta kwasa zata biya. Da kwasa ta zama labari sai ta nufi kofaretif ta ciri ajiyarta, lokacin ta kai 400,000, daidai bashin. Sakataren ya buɗe kundin dokoki ya nuna mata da yatsa, yace kiyi haƙuri, ajiyarki jingina ce har ki gama biyan kayanki, bayan haka kin tsaya wa wani, ko kin gama naki ba za ki taɓa ba sai ya gama nasa, kuma fita ma sai an bada sanarwar wata uku. Ta ma manta ta sa hannun. Wani maƙocin shago ne ya kawo mata takarda wata rana tana tsakiyar yanka, ta sa hannu ko karantawa bata yi ba. Mutumin ya karɓi na 400,000 a kan ajiyar 200,000, ya biya kaɗan ya tsaya saura 280,000 a kansa, ƙungiya ta cinye ajiyarsa, ragowar 80,000 aka raba wa masu tsaya masa biyu, aka zare 40,000 daga littafin Yaya. Ba zalunci aka yi mata ba, abun da ta sa wa hannu kenan. Kuɗin ƙungiyar gama kai basa kwance a akwati suna jiranka, suna hannun 'yan uwanka da suka karɓi kaya, shi yasa ba wurin ajiye kuɗin ko-ta-kwana bane sam.

Daga nan ta je wani ƙaramin banki neman tallafin jari. Suka ce ta kawo sitetimen na wata shida. Tana da akawun, amma in banda ɗan abun da ke shiga ya fita zuwa wurin Hajiya a ranar, ba komai a ciki, cinikin shagon duk hannu da hannu ne. Matar da ta yi shekaru tana biyan zubi bata taɓa fashi ba, a takarda kamar bata taɓa riƙe kuɗi ba. Wannan ya fi asarar 300,000 ɗin ƙona mata rai. Ƙarshe keke ɗaya ta sayar ta rage wa dila, ya bata wata huɗu ta cika sauran.

Toh yaushe ya kamata ace ta koma banki? Da muka waiwaya, lokacin ya zo tun ranar da aka ce mata kwasa miliyan ɗaya. Kunya tana da iyakar nauyin da take ɗauka. Mutum ba zai zubar da mutuncinsa a unguwa a kan 20,000 ba, amma a kan 400,000, wurin mutanen da bai ma sani ba, wani zai kashe waya yayi barcinsa lafiya, mun gani. Duk sanda abun da zaka samu a waje kafin kwasarka ya wuce abun da zaka iya rasawa sana'arka bata durƙushe ba, ko yawan mutane ya kai baka san kowa ba, ko zagayen ya haura shekara, wannan kuɗin ya girmi adashi. Hannun Yaya na 17 ma tun asali ba aikin adashi bane, ba wani abu take son saya da wuri ba, ajiya take so, mai son ajiya zalla kuwa in ya shiga adashi ya zauna a ƙarshe haɗarin kowa ya ɗauka a kyauta. Da ta zuba 50,000 ɗin nan a asusun ajiya sau 12 da 600,000 ɗinta na nan, kuma da ranar da dila ya matsa ta je ta ciro.

Akwai kuma abun da banki mai lasisi ke da shi wanda sauran biyun galibi basu da shi, inshorar ajiya. In bankin ya rushe hukuma na biyan masu ajiya har wani adadi, a Amurka dala 250,000, a Tarayyar Turai yuro 100,000, a Najeriya tun 2024 naira miliyan 5 a manyan bankuna, miliyan 2 a ƙananan. Adashi ba shi da wannan ko kaɗan, kuma a ƙasashe da yawa ajiyar ƙungiyar gama kai ma bata ciki, rajistar ƙungiya daban lasisin banki daban, kar wani ya nuna maka satifiket a bango ka ɗauka duk ɗaya ne. Ga batun mutuwa da bama son ambata, da Yaya ta faɗi a wata na 12, wa zai je ya karɓo wa yaranta 600,000 da ɗan littafi mai naɗaɗɗen gefe? Na banki akwai wahalar takardu kafin magada su samu, amma dai kuɗin na nan a rubuce da sunanta.

Ita ma ta kawo nata ƙorafin kuma ban ƙaryata ta ba. Tace banki yana yankar kuɗin alat da na kati da na wane da wane, ga ranar da netwok zai ɗauke kana tsaye da kwastoma, uwa uba kuɗin da ke waya basa zama, yau ɗan wannan ba lafiya gobe bikin wancan, kafin wata ya ƙare sun tsiyaye, amma in kace na zuba adashi kowa ya san ba a taɓawa. Wannan gaskiya ce, rabin amfanin adashi tilas ɗin da yake sa ka ne da uzurin da yake baka wurin dangi. Sai muka nemi yadda za a kwaikwayi tilas ɗin. Ta buɗe asusun ajiya na biyu ba kati ba manhaja a waya, a bankin da ba ya harkar ruwa tunda haka ta fi so, ta bada umarnin duk ranar 3 ga wata a zare 30,000 daga akawun ɗin shago a tura can ba sai an tambaye ta ba, in tana son cira sai ta taka ta je ta cike takarda. Cinikin shago kuma ko an bata tsaba sai ta zuba a akawun kafin ta kashe, don sitetimen ɗin ya nuna gaskiyar abun da ke shigowa.

Kofaretif bata fita ba, ni ma ban ce ta fita ba, wurin sayen kayan aiki yafi mata ko'ina sauƙi. Sai dai yanzu tana zuwa taron shekara, da can shinkafar rabo kawai take aikawa a karɓo mata. Taron da ya wuce har ta ɗaga hannu ta tambayi nawa ne bashin da ya wuce wata uku ba a biya ba cikin duk abun da aka bayar, da wa ya binciki lissafin daga waje, da ko asusun ƙungiya da sunan ƙungiya yake kuma mutum nawa ke sa hannu kafin a fidda kuɗi. Ma'aji ya amsa duka ba tare da ya ɓata rai ba, biyu cikin uku ke sa hannu, ta dawo tana cewa ka ga bambancinsa da Hajiya. Takardar tsaya wa mutum kuma yanzu sai ta cire ajiyarsa daga abun da zai karɓa ta raba biyu, in ba zata iya yafe wannan adadin ba tace masa yayi haƙuri.

Adashi ma ta koma, ƙarami. Su takwas, 20,000, wata takwas, hannu ɗaya ga mutum ɗaya. Ko ita ce ta ƙarshe 140,000 ne nata a waje, bai kai cinikin mataccen wata ba. Sun ɗan ari dabara daga tsarin Mata Masu Dubara da ƙungiyar agaji ta CARE ta fara a Nijar a 1991, inda akwatin kuɗi ke da kwaɗo uku mabuɗan na hannun mata uku daban kuma ba a taɓa kuɗi sai a gaban kowa. Su basu da akwati, amma sun hana kuɗi kwana a hannun mutum ɗaya, ranar zubi kowa na tura wa mai kwasa kai tsaye ya sa shaida a gurup, uwar adashi rubutu kawai take yi. Sun rubuta dokoki a shafi ɗaya kowa ya sa hannu, har da abun da za a yi in wata ta rasu ko ta kasa, sabuwar shiga kuma a zagayenta na farko daga baya take kwasa. Lamba kuwa ƙuri'a aka yi, aka naɗe takardu takwas aka zuba a murfin kwano, ƙaramin ɗan Yaya ya dinga ɗauko wa kowa. Ita ya ɗauko mata lamba 8. Ta kira ni tana dariya tana cewa Auta ka ga yaron nan ko, nace nawa ne zai kasance a waje, tace 140,000 na sani, kar ka fara min lissafin nan da daren nan.